Waya ɗaya, hannu da yawa: wa ke da ikon saka manhaja a wayar gida?

Idan waya ɗaya ce mai kyau a gida, uwa na kasuwanci da ita, kuɗinta na shiga ta cikinta, yara kuma kullum suna nema don aikin makaranta ko kallo, shin akwai hanyar da za a miƙa wa yaro wayar ba tare da an miƙa masa duk abin da ke cikinta ba? Wannan tambaya tana yawan tasowa a Sakkwato, a taron iyaye da malamai da kuma hirar mata a gidan suna, musamman bayan an ji labarin yaron da ya saka manhajar caca ko ta bashi a wayar mahaifiyarsa. Amsa biyu aka fi bayarwa. Wasu su ce a sa wa wayar lambar sirri, wasu su ce a hana yara taɓa ta gaba ɗaya. Ta farko ba ta daɗewa, domin yaron da ke zaune kusa da ke yana ganin inda yatsanki ke bi. Ta biyu kuwa ba ta yiwuwa a gidan da malami ke turo aikin gida ta WhatsApp.

Akwai hanya ta uku, kuma tana cikin wayar tun daga kamfani. Abin da ke hana mutane cin moriyarta shi ne ana cakuɗa abubuwa uku da ba ɗaya suke ba.

Kulle daban, asusu daban, mai amfani daban

Kullen fuskar waya, wato lamba ko zane ko ɗan yatsa, aikinsa ɗaya ne: ya tsare wanda ba a ba izini ba. Da zarar an buɗe an miƙa wa yaro, aikinsa ya ƙare. Wayar ba ta san hannu ya canza ba. A wurinta har yanzu mai ita ce ke riƙe da ita, don haka duk abin da uwa za ta iya yi yaron ma zai iya: ya saka manhaja, ya goge wata, ya karanta saƙon banki, ya tura hoto.

Asusu shi ne adireshin Gmail da aka buɗe wayar da shi. Da shi Play Store ke gane wanda ke neman manhaja da kuma shekarunsa. Idan asusun na babba ne, komai a buɗe yake. Idan na yaro ne da aka ɗaura a ƙarƙashin na iyayensa, to akwai wanda ake tambaya kafin a ba shi. Wannan ɗaurin shi ake kira asusun iyali, kuma manhajar da Google ya fitar don sarrafa shi tun 2017 ita ce Family Link.

Na uku shi ne mai amfani, abin da wayar ke rubutawa User. Android ta fara barin mutum fiye da ɗaya ya mallaki wurinsa a cikin na'ura ɗaya a 2012 a kan manyan allunan hannu, wato tablet, sannan abin ya iso wayoyi a 2014 da Android 5.0. Kamar gida ne mai ƙofar zaure ɗaya amma kowane ɗaki da makullinsa: kowa na da manhajojinsa, hotunansa da lambar sirrinsa, na wannan ɗaki ba ya ganin kayan wancan. Wanda ya fara buɗe wayar shi ne mai gida, shi kaɗai ke iya ƙara wani ko ya cire shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne a sauke Family Link a wayar uwa, a ɗauka shi ke nan an gama. Family Link ba ya tsaron waya, asusun yaro yake tsaro. Muddin yaron yana amfani da wayar a wurin mahaifiyarsa, da asusunta, to babu dokar da ta hau kansa. Kuma ba a iya cusa asusun yaro kusa da na uwa a wuri ɗaya a ce ya yi aiki, domin lokacin shigar da shi wayar za ta nemi a cire sauran asusun da ke wurin. A wayar da ake rabawa, sai an haɗa biyun: a buɗe wa yaro wurinsa, sannan a shiga wurin da asusunsa na yaro.

Yadda ake yi, da misalin gida ɗaya

Mu ɗauki wata mata a Mabera da ke sayar da atamfa da turaren wuta. Masu saye na yi mata magana ta WhatsApp, suna turo kuɗi, ita kuma tana duba shigarsu a manhajar banki. Tana da ɗa mai shekara 9 da ɗiya mai shekara 14. Da la'asar, bayan an taso daga Islamiyya, abin da take ji shi ne, “Inna, ba ni wayarki in duba aikin da malam ya turo.”

Abu na farko, tun kafin ta taɓa komai, shi ne ta tabbatar ta san kalmar sirrin Gmail ɗinta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da yawa daga cikinmu a shagon da muka sayi waya aka buɗe mana asusu, mai shagon ya zaɓi suna, ya zaɓi kalmar sirri, ya cika ranar haihuwar da ta zo masa a ka, muka karɓi waya muka tafi. Wanda bai san kalmar sirrinsa ba ba zai iya zama shugaban asusun iyali ba, domin za a nemi ya rubuta ta a matakai da dama. Idan ta ɓace, sai a fara dawo da ita ta lambar wayar da aka ɗaura wa asusun, a canza ta, a rubuta a takarda a adana inda ake adana takardun gida.

Daga nan sai ta sauke Family Link, ta buɗe wa yaron asusu da ranar haihuwarsa ta gaskiya. A Najeriya, kamar a yawancin ƙasashe, shekara 13 ce iyakar da Google ya sa ga wanda zai riƙe asusunsa da kansa. Duk wanda bai kai ba, asusunsa na ƙarƙashin iyaye kai tsaye. Shi ya sa ƙarin shekaru ke rushe komai: yaron da aka rubuta masa shekarar haihuwa 2000 don a wuce wurin da sauri, a idon Play Store babban mutum ne.

Sai wurin yaron. A yawancin wayoyi hanyar ita ce Settings, sai System, sai Multiple users, sai Add user. Wayar za ta buɗe kamar sabuwa fil, ta nemi asusu. Nan ake saka na yaron, uwa ta tabbatar da nata, a zaɓar masa lambar buɗewa tasa.

A nan akwai maɓalli ɗaya da nake ganin ya fi duk sauran muhimmanci ga mai kasuwanci. A cikin bayanan sabon mai amfani akwai inda aka rubuta Turn on phone calls & SMS, ko wani abu mai kama da haka dangane da wayar. A bar shi a kashe. Idan aka kunna, wayar da kanta tana gargaɗin cewa tarihin kira da saƙonni zai bayyana ga wannan mutum. Ma'ana lambar tabbatarwa da banki ke turowa za ta faɗo a gaban yaron. Kuma wanda zai iya buga kira zai iya buga *303# ya ranci kati, ko *312# ya sayi data da kuɗin da ke kan layin, sannan wasu bankunan na barin a sayi kati wa layin da ke ɗaure da asusu ba tare da an nemi lambar sirri ba. A gidajenmu ta wannan ƙofar kuɗi suka fi zurarewa, ba ta sayen wasanni a Play Store ba, tunda kaɗan ne suka ɗaura katin banki a can.

Yanzu sai ta koma wurinta ta buɗe Family Link, ta shiga sashen Google Play na yaron. Akwai zaɓi huɗu na abin da zai nemi izini a kansa: komai da komai, abin kuɗi kaɗai, saye a cikin manhaja kaɗai, ko ba ya neman izini sam. Ga mai shekara 9, All content ya dace, wato ko manhajar kyauta ce sai Inna ta amince. Mutane na zaɓar na abin kuɗi kaɗai suna ganin sun tsare aljihu, alhali manhajojin caca da na bashi da na hira da baƙi duk kyauta ake sauke su. A wuri ɗaya ake zaɓar matakin shekaru, daga 3+ zuwa 7+, 12+, 16+ da 18+. Abin da ya haura matakin da aka zaɓa ba zai samu damar sauke shi ba.

Ɗiyar mai shekara 14 lamarinta ya bambanta. Ta wuce 13, don haka idan tana da asusunta, ana ɗora masa kulawa ne da saninta, sai ta rubuta kalmar sirrinta ta amince. Ni ina ganin hakan daidai ne. Yarinyar da ke shirin jarrabawar aji uku ta ƙaramar sakandare ta isa a zaunar da ita a ce, “Ga abin da zan riƙa gani, ga abin da ba zan gani ba.” Abin da uwa za ta gani shi ne sunayen manhajoji da tsawon lokacin da aka ɗauka a kowace. Ba za ta ga abin da aka rubuta a cikin hira ba. Family Link ba ya karanta saƙon kowa, kuma gara iyaye su san haka tun farko da su saki jiki a kan abin da babu shi.

Ƙofar da Play Store ba ta tsaro

Duk wanda ya san yadda manhaja ke yawo a Sakkwato ya san ba daga Play Store yawancinta ke fitowa ba. Data na da tsada, don haka aboki ke tura wa aboki ta Xender, ko a je wurin mai caji a ba shi wani abu ya zuba wasanni da finafinai. Abin da ake turawar fayil ne da sunansa ke ƙarewa da .apk, kuma shigar da shi ba ya bi ta Play Store ko kaɗan. Saboda haka matakin shekaru da neman izini duk ba su shafe shi ba.

Wannan shi ne raunin ƙaramin tsarin da ke cikin Play Store kansa, wanda ake samu a Settings, sai Family, sai Parental controls, a sa masa lamba. Yana da amfani, amma abin da ke shago kawai yake tacewa, kuma ba ya cire abin da aka riga aka saka kafin a kunna shi. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai wayi gari ya tarar da manhajar da bai san da ita ba, ya rasa ta inda ta shigo.

A asusun yaro da ke ƙarƙashin Family Link, shigar da manhaja daga waje a rufe yake tun farko. Amma a duba da ido. A cikin bayanan na'urar yaron akwai Apps from unknown sources, a tabbatar a kashe yake, haka ma Developer options da izinin ƙara mai amfani. Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne manhajojin bashi. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, take farautar masu ba da bashi ta waya da ke kwashe lambobin mutane suna tura wa 'yan uwansu saƙon cin mutunci, kuma daga ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mai waya. Wadda ta shigo ta Xender ba ta bi ta wannan tantancewar ba. Idan aka saka ta a wurin uwa, lambobin duk masu sayen atamfarta ne a gabanta. Idan ma ta samu shiga wurin yaro, abin da za ta tarar bai wuce lambobin da ke wurinsa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin raba wuri.

Yadda za a gane ya kama

Kada a yarda da saiti sai an gwada. A shiga wurin yaron, a nemi wata manhajar kyauta a Play Store. Idan abin ya yi, za ta tsaya ta ce sai an nemi izinin iyaye. Idan ta fara sauka kai tsaye, ko dai zaɓin bai kan All content, ko kuma asusun da aka shiga da shi ba na yaron ba ne. Sai a turo wani fayil na .apk a gwada buɗe shi, ya kamata wayar ta ƙi. Sai a buga *310# a ga ko zai tafi.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda yaro zai fara yi da kansa ranar da lokacin da aka iyakance masa a Family Link ya ƙare wayar ta kulle masa: zai ja fuskar waya daga sama ya nemi komawa wani wurin. Idan wurin uwa ba shi da lamba, ko lambar ita ce shekarar haihuwarta da kowa ya sani, duk aikin ya tashi a banza. Akwai kuma Guest, wurin baƙo, wanda ba ya ƙarƙashin kowace doka. A kashe Add users from lock screen, a kuma duba ko yaron na iya faɗawa wurin baƙo daga nasa.

Wani abin lura: manhajar da aka taɓa amince wa yaro, ko ya goge ta, zai iya sake sauke ta ba tare da an sake tambaya ba. Idan an canza shawara a kanta, a toshe ta daga Family Link, gogewa ba ta wadatar. Kuma duk canjin da aka yi ba ya isa wurin yaron sai wayar ta hau intanet. Dokar da ta riga ta isa kuwa tana aiki ko babu data.

Abin da za a rasa

Masu cewa wannan wahala ce suna da hujja, bai kamata a raina ta ba. Lokacin da yaro ke wurinsa, saƙon WhatsApp na uwa ba ya bayyana sai ta koma nata. Mai kasuwanci na iya rasa ciniki idan wayar ta yi awa biyu a hannun yara. Data ɗaya ce, batir ɗaya ne, raba wuri bai raba su ba. Waya mai ƙaramin ƙarfi, irin mai RAM 2GB da ma'ajiya 32GB, tana yin nauyi idan aka ɗora mata mutum biyu ko uku. WhatsApp a wurin yaro sabo ne fil, yana neman lambarsa, don haka aikin da malami ya turo wa uwa sai dai a duba a wurinta.

Sannan ba kowace waya ke da Multiple users ba. Kamfanin da ya ƙera ta ke zaɓar ya bari ko ya cire. Yawancin wayoyin Samsung ba su da shi duk da cewa allunansu na da shi, kuma a sauran kamfanoni ya danganta da samfurin. Hanya mafi sauri ita ce a rubuta users a wurin bincike na Settings a gani. Ita iPhone ba ta da shi sam. Tsarin Apple na Family Sharing da Ask to Buy yana ɗauka kowane yaro na da na'urarsa.

Inda babu, abin da ya rage shi ne App pinning, wasu wayoyin na rubuta Screen pinning, ana samunsa a sashen Security. Yana kafe wayar a kan manhaja ɗaya, ba a fita sai da lambar mai waya, da sharaɗin an kunna zaɓin neman lamba kafin cirewa. A iPhone sunansa Guided Access. Ga yaron da zai saurari karatun Alƙur'ani na rabin awa ko ya kalli darasi, wannan ya isa, har ma ya fi sauƙi. Iyakarsa ita ce abin da ke cikin manhajar da aka kafe a buɗe yake, don haka kafe WhatsApp daidai yake da miƙa duk hirar da ke ciki.

Masu cewa tarbiyya ta isa, ba sai da saiti ba, na yarda da rabin maganarsu. Amma yawancin ɓarnar da yaro mai shekara 9 ke yi a waya ba ta rashin tarbiyya ba ce. Talla ce ta faɗo a tsakiyar wasa da babban maɓalli kore, ya danna.

Gida mai mutum fiye da shida

Rukunin iyali na Google mutum shida yake ɗauka, har da shugaban. Mutum ba ya zama a rukuni biyu a lokaci ɗaya, kuma sau ɗaya ake iya sauya rukuni a cikin wata 12. An tsara shi ne da ƙaramin gida a rai. Magidanci a Gidan Igwai ko Runjin Sambo mai mata biyu da yara tara ba zai shige ciki ba ko ya so.

Abin da ya fi dacewa a irin wannan gida shi ne kowace uwa ta zama shugabar rukunin ɗakinta, tunda sharaɗin shugabanci shi ne shekara 18 da asusun kai. Da ma wayarta yaran ke karɓa, kuma ita ke gida lokacin da buƙatar izini ta taso. Idan maigida ne shugaba, ya tafi Illela ko Kano fatauci, wayarsa ba data, yaron da ke son manhajar makaranta zai zauna jira, kuma ƙarshen jiran shi ne uwa ta gaji ta miƙa masa wurinta a buɗe. Inda gidan bai wuce shida ba, shugaban na iya ba wani babba a rukunin matsayin iyaye, ta yadda kowannensu zai iya amincewa ko ya ƙi. Saboda dokar wata 12 ɗin nan, a zauna a yanke wanda zai shiga wane rukuni kafin a fara gayyata.

Ana iya amincewa nan take a wurin yaron, uwa ta rubuta kalmar sirrinta a kan wayar. Idan za a yi haka, a juya baya a rubuta, domin kalmar da ke ba da izini ita ce kuma ke cire dokar. Akwai kuma Parent access code, lambar da Family Link ke bayarwa wadda ke canzawa lokaci-lokaci, ana buɗe wa yaro da ita ko babu intanet.

Kalmar sirrin nan tana da wani aikin da ba a tunawa sai rana ta ɓaci. Idan wayar ta rikice aka kai ta wurin mai gyara ya goge ta gaba ɗaya ta bayan fage, to tun daga Android 5.1 ba za ta buɗe ba sai an saka asusun da ke kanta a da. An yi hakan ne don wayar sata ta zama ba ta da amfani, amma yana kama mai waya na gaskiya da bai san asusunsa ba. Kafin a miƙa wa mai gyara, a tabbatar adireshin Gmail na uwa da na kowane yaro, da kalmomin sirrinsu, suna rubuce a gida, a kuma kwashe hotunan da ke wurin yaran daban, domin kwafin da aka yi daga wurin uwa ba ya haɗawa da nasu.